An biya ni sau biyu a guruf ɗin WhatsApp, in zuba kuɗin adashena?

"Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da kayan kicin da turaruka daga gida a Sharaɗa. Ƙawata ta saka ni a wani guruf na WhatsApp da ake zuba jari, sun ce hatsi suke saye a Dawanau. Duk abin da ka zuba, bayan kwana 10 za a maido maka da ƙarin kashi 30 cikin ɗari. Na gwada da naira 30,000 har sau biyu, kuma wallahi sun biya. Suna da takardar CAC, sun kuma ce halal ne. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashe, naira 600,000. In zuba? Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki zuba. Kada ki zuba rabi, kada ki zuba kwata, in kuma da sauran kuɗinki a hannunsu, yau ɗin nan ki nemi a ba ki abinki. Ban ga guruf ɗin da idona ba, ban kuma san mutanen da ke bayansa ba, don haka ba zan rantse a kan zuciyar kowa ba. Amma lissafin da suka ba ki ba ya buƙatar a san mai shi kafin a gane ba zai ɗore ba. Na yi aikin banki a ɓangaren karɓar koke-koken masu ajiya, yanzu kuma ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa littafin shige da fice, kuma masu kuka a kan irin wannan na gan su da yawa. Kusan dukkansu da magana ɗaya suke farawa, wadda ke ma kika faɗa: ai sun biya ni.

Bari in ba ki labarin wata yarinya da ta zo wurina, domin tafiyarta da taki kusan ɗaya ce, sai dai ita ta ɗan fi ki nisa a hanyar.

Yadda ta kasance da mai atamfa

Ba zan kama sunanta ba. Budurwa ce mai ƙoƙari, tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, ta ɗora hotuna a wayarta, ta aika wa mata da ɗan sahu. Turmin da ta saro naira 12,000 takan sayar 13,500, wani lokacin a biya ta nan take, wani lokacin sai ƙarshen wata. Da wannan 'yar ribar da adashe ta tara naira 850,000, da niyyar ta kama ɗan shago ta cika shi da kaya kafin kasuwar sallah ta buɗe.

Wata 'yar ajinsu ta Islamiyya ce ta saka ta a guruf ɗin. Da safe admin zai yi sallama, ya kawo addu'a, sannan hotunan alat su fara zuba, wannan ta samu 65,000, wancan ya samu 260,000, kowa yana Allah ya saka da alheri. Ta yi mako biyu tana kallo ba ta ce uffan ba. Sai ta ce bari ta gwada da abin da ba zai kashe ta ba, ta tura naira 20,000. Ranar da kwana 10 ya cika, tun kafin azahar, 26,000 ta shigo asusunta. Ta faɗa mini cewa ba kuɗin ne ya fi burge ta ba, cika alkawarin ne, domin ita da ta saba bin mata bashin atamfa wata da watanni, ga wasu sun biya ta ba tare da ta ko tuna musu ba.

Karo na biyu ta tura 100,000. Da lokaci ya yi aka nuna mata a wani shafi da suka ba ta cewa kuɗinta sun zama 130,000, admin kuma ya biyo ta ta gefe ya ce mata Hajiya ai asara ce ki cire, ki bar su su sake juyawa. Ta bari. A kwanakin ne ta jawo 'yar kawunta, ita ma ta zuba 50,000, aka rubuta mata ladan kawo mutum a shafin. Sai ga sanarwar garabasar azumi: mai 500,000 zai karɓi 800,000 cikin mako biyu, gurbin mutum 20 ne kawai, kuma ranar Juma'a za a rufe.

Abin da ya kawo ta wurina ba shawara ba ce. Ta gwada turawa ne manhajar bankinta ta ƙi, saboda kuɗin sun haura iyakar abin da aka yarda ta fitar a rana, ta zo in nuna mata yadda ake ɗaga iyakar. Na ce zan nuna mata, amma ta fara nuna mini inda kuɗin za su. Sunan da ya fito a kan lambar asusun sunan wani mutum ne, ba na kamfani ba. Muka duba rasit ɗinta na baya, sai ga shi 20,000 ɗin wani suna aka tura wa, 100,000 ɗin wani suna daban, 26,000 ɗin da aka biya ta kuma daga asusun wata mace ta fito. Sunaye huɗu, babu na kamfanin ko ɗaya. Wannan mace ta ƙarshe wataƙila mai zuba jari ce kamarta, aka ce mata ga lambar da za ki tura, ita kuma tana ganin kamfani ta biya.

Na ce mata mu yi gwaji ɗaya kafin Juma'a. Ta rubuta wa admin cewa larura ta taso, tana son duka 130,000 ɗinta yau. Amsar farko ita ce ana gyaran na'ura. Washegari aka ce sai ta biya kashi 10 cikin ɗari, wato 13,000, kuɗin haraji, kafin a saki kuɗin. Na ce ta amsa musu su cire harajin daga cikin kuɗinta da ke hannunsu su turo sauran. Suka ce tsarin bai yarda ba. Da ta rubuta ƙorafinta a cikin guruf, kafin minti biyar an goge saƙon, an cire ta. Ba a yi sallah ba guruf ɗin ya watse.

Ga lissafinta: ta fitar da 120,000, abin da ya dawo hannunta 26,000, asararta 94,000. Ta tsira da 756,000, ta kuma kama shagonta, ko da yake da ƙarancin kaya. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne 50,000 ɗin 'yar kawunta, domin maganar ta kai gaban manya, ita ce kuma ta ɗauki nauyin biya a hankali don kada zumunci ya lalace.

Daga ina ribar take fitowa?

Ke 'yar kasuwa ce, kin fi mai digiri sanin amsar wannan. Idan kin saro tukunya a Sabon Gari, kin san nawa kika biya, nawa ɗan dako da ɗan sahu suka ci, kwana nawa za ta yi kafin ta fita, da kuma cewa wata za ta lotse a hanya. Riba tana da hanyar da take biyowa, kuma ana iya bin sawunta. To ki riƙe wannan tambayar ki ɗora a kan guruf ɗinku.

Kashi 30 cikin ɗari duk kwana 10 yana nufin kuɗi suna juyawa sau 36 a shekara. Idan kika zuba naira 100,000 kika bar uwa da riba suna juyawa, bayan wata guda sun kusa 220,000, bayan wata uku sun haura miliyan ɗaya, a ƙarshen shekara kuma sun wuce naira biliyan ɗaya. Ki tsaya ki yi tunani a nan. Mutumin da ya san hanyar mai da dubu ɗari ta zama biliyan a shekara, me zai yi da dubu talatin ɗinki? Da bankuna da manyan attajiran Kwari da Singa sun yi layi a ƙofar gidansa, da kuma ba shi da lokacin bin 'yan mata ta gefe yana roƙon kada su cire kuɗi.

Batun hatsin ma bai zauna ba. Masu ajiyar hatsi suna saye ne da kaka, lokacin da masara da gero da dawa suka yi araha, su zuba a sito, su biya haya da maganin ƙwari da dako, su jira watanni zuwa bazara ko damina. Juyi ɗaya ne a shekara ga mai ajiya, kuma akwai shekarar da farashi kan faɗi a sayar da asara. Masu saye su sayar nan take kuwa ribarsu a kan buhu kaɗan ce, yawan kaya ne ke ɗaga su. Babu cinikin hatsin da ke ba da adadi guda, ba ragi ba ƙari, duk kwana 10, rani da damina. Sun ambaci Dawanau ne domin suna ne da kowa a Kano ya sani ya kuma yarda da shi. Dawanau kuwa ba Legas ba ce, mota ɗaya ce ta titin Katsina. Ki ce su faɗa miki layi da lambar sito, za ki turo yayanki ya gani. Yadda za su amsa ya ishe ki.

To in ba hatsi ba ne, da me aka biya ki? Da kuɗin wadda ta shigo bayanki. A ce mutum 100 sun zuba 100,000 kowanne, an tara miliyan 10. Bayan kwana 10 ana bin masu guruf miliyan 13, alhali ba a sayi komai ba, ba a sayar da komai ba. In kowa zai karɓi nasa, sai an samu sabbin mutum 130. Zagaye na gaba 169, na gaba 220, haka abin zai yi ta hawa har a rasa masu shigowa. Wannan ne dalilin ladan kawo mutum, shi ne kuma dalilin lallashin a bar kuɗi su juya, domin lambar da ke kan shafi ba ta cin musu ko kwabo. Garabasa mai wa'adi kuwa yawanci alama ce ta cewa kuɗin shigowa sun fara kasa na fita, ana son kwasar ƙarshe kafin a rufe. Kada ki haɗa wannan da adashe. A adashe abin da aka zuba shi ake kwasa, ba wadda aka yi wa alkawarin ƙari, kuma kin san gidan uwar adashe.

Biyan da aka yi miki sau biyu, 9,000 da 9,000, jimla 18,000, shi ne kuɗin da suka kashe don su samu 600,000. Ba shaidar gaskiyarsu ba ce, yana cikin tsarin aikin tun farko. Tsohuwar dabara ce. Charles Ponzi, wanda ake kiran abin da sunansa, ya yi ta a birnin Boston na Amurka a 1920 da alkawarin kashi 50 cikin kwana 45. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta biya mutane na tsawon watanni, sannan ta daskarar da asusun 'yan Najeriya a Disambar 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025. Dukkansu sun biya na farko. Ki lura kuma, abin da MMM ta yi alkawari a wata, naku sun ce a kwana 10 za su bayar.

Takardar CAC da maganar halal

Takardar CAC shaida ce ta cewa an yi wa wani suna rajista, iyakarta ke nan. Mai shagon ɗinki yana da ita, mai gidan burodi yana da ita, ke ma za ki iya yi wa sana'arki. Ba lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya musu ba ce. Wanda zai tara kuɗin mutane da sunan zuba jari dole ya yi rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wanda zai karɓi ajiya kamar banki kuma sai da lasisin CBN. SEC tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta, sec.gov.ng, tana kuma da ofis a nan Kano. Ki nemi sunan kamfanin a jerin. In kin same shi ma kada ki tsaya nan, domin ana aron sunan kamfanin gaske, hoton takarda kuma ana gyara shi a waya. Ki kira lambar da ke shafin kamfanin na ainihi ki tambaya ko guruf ɗin nasu ne, ki kuma duba ko sunan da ke kan asusun da ake turawa shi ne sunan kamfanin harafi da harafi. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta ambaci irin wannan tsari ƙarara a matsayin laifi, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 10. Wannan ya shafe ki ta wata fuska: duk wadda kika jawo, ke za ta nuna ranar da abin ya fashe, domin ke ta sani, ba ta san admin ba.

Fatawa ta malamai ce, ni ba malama ba ce, ki kai musu tambayar da cikakken bayani. Amma abin da na sani daga aikin kuɗi shi ne, a mudaraba, wato mai kuɗi ya ba mai sana'a jari, ana yanka rabon ne a kan ribar da aka samu, misali rabi da rabi ko kashi 60 da 40. Ba a yanka shi a kan uwar kuɗi, ba a kuma lamunce cewa ba za a yi asara ba. In an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Wanda ya ce miki kawo dubu ɗari ki karɓi dubu ɗari da talatin ranar kaza ko ta halin ƙaƙa, bai siffanta mudaraba ba, ko da ya buɗe saƙonsa da bisimilla. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai, domin sun san matanmu suna gudun kuɗin ruwa, sai suka mai da tsoron Allahn nasu ƙofar shiga. Ki tambayi malamin har da hukuncin 18,000 ɗin da kika riga kika karɓa, tunda alamu sun nuna kuɗin wasu ne.

Abin da za ki yi daga yau

Kafin ki yi wata magana a guruf, ki tattara shaida, domin da zarar kin yi tambaya mai nauyi za a iya cire ki a goge saƙonni. Ki ɗauki hoton alkawuran da suka rubuta, da lambobin wayar admin, da duk lambar asusun da aka taɓa ba ki, ki ajiye rasit ɗin kowace tura kuɗi. Sannan in da kuɗinki a ciki, ki nemi duka, uwa da riba. In an ba ki, ki karɓa ki fita, kada biyan ya sa ki koma. In an ce sai kin biya haraji, ko kuɗin tantancewa, ko kuɗin buɗe asusu, kada ki tura ko naira ɗaya. Mai riƙe da kuɗinki da gaske zai iya cire cajinsa daga ciki.

In sun hana, ki je bankinki a ranar, da ƙafarki, ki shigar da koke a rubuce cewa an damfare ki, ki ba da rasit, ki karɓi lambar koken. Bankinki zai iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka shiga don a riƙe abin da ya rage a asusun, kuma sau da yawa za a nemi rahoton 'yan sanda ko umarnin kotu kafin a maido da wani abu. Ki kai rahoto ofishin EFCC na Kano da na SEC. Ba zan ɓoye miki ba, a abin da na gani, kuɗin da suka kwana biyu da wuya a same su, domin ana rarraba su zuwa wasu asusun ko a cire a wurin masu POS cikin sa'o'i. Duk da haka rahoton yana da amfani, shi ke sa a rufe asusun kafin wata ta tura. Bayan guruf ya watse kuma za ki ga wasu sun ɓullo suna cewa za su ƙwato miki kuɗinki in kin biya wani abu. Sau da yawa su ɗin ne dai suka sake riga.

Ki kira ƙawar taki ku yi magana baki da baki, ba da faɗa ba. Mai yiwuwa ita ma ta yarda ne da gaske, kuma kuɗinta sun fi naki yawa a ciki. Ki nuna mata lissafin biliyan ɗin nan, ki ce ta gwada neman nata duka. Akwai kuma yiwuwar ba ita ce ke rubuto miki ba, domin ana sace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar karɓar lambobi 6 da ake turo masa, a riƙa jawo abokansa da sunansa. Ke ma kada ki ba kowa waɗannan lambobin, ko BVN, ko lambar sirrin katinki. A wayarki ki shiga Settings, Privacy, Groups, ki zaɓi My contacts don kada baƙo ya riƙa jefa ki guruf, ki kuma kunna Two-step verification a ƙarƙashin Account.

Saura 600,000 ɗin. Ni a ganina babu inda za su yi miki aiki kamar sana'ar da ke hannunki, domin ita ce kika san cikinta da bayanta. Ki duba littafinki ki ga kayan da suka fi saurin fita, ki saro su da yawa a farashin sari, ki rage bayar da bashi. Wani kaso, ko da 100,000 ne, ki ware shi a asusu daban don larura, saboda kada ciwo ko biki ya ci jarin. In kina gudun ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi kuma suna da lasisin CBN, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kuma hukumar NDIC tana lamunce ajiyar mutum a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 in bankin ya durƙushe. Akwai kuma sukuk, wato takardar zuba jari ta gwamnatin tarayya wadda ba ta kuɗin ruwa ba ce, da ofishin DMO mai kula da basussukan gwamnati ke fitarwa lokaci zuwa lokaci tun 2017, ana shiga da naira 10,000. Na farkon ya ba da kashi 16.47 cikin ɗari, a shekara ba a kwana 10 ba, kuma ana riƙe kuɗin shekaru, don haka bai dace da jarin da kike juyawa kullum ba, sai dai abin da kika tabbatar ba za ki buƙata nan kusa ba. Ranar kwasar adashen kuma, ki roƙi uwar adashe ta tura miki kai tsaye cikin asusun da ba shi kike amfani da shi a waya kullum ba, kuma kada ki faɗa wa kowa a guruf ɗin cewa kin kwasa.